Yadda ake sa hashtag a tallan kaya, daga zaɓe har zuwa gwaji

Na daɗe ina riƙe wa ƙananan ƴan kasuwa shafukansu a nan Maraɗi, daga mai ɗinki har mai man gyaɗa, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Wane hashtag zan sa kayana su bazu?" Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, domin hashtag ba ya baza kaya. Aikinsa irin na rubutun da ake yi a jikin buhu ne idan an kai saƙo tasha: ya faɗi abin da ke ciki, ya faɗi garin da za shi. Buhun da aka rubuta wa sunan gari goma kuwa, mai lodi ba zai san motar da zai ɗora shi ba.

Alamar ita ce #, wadda muke kira diyez idan za mu duba kiredi a waya. Idan ka manna ta a gaban kalma, kalmar takan zama abin taɓawa, wanda ya taɓa ta sai a tara masa duk abin da mutane suka ɗora a fili da wannan kalma. A Twitter, wanda yanzu ake kira X, aka fara a 2007, Instagram ya ɗauka a 2011, Facebook a 2013. A wancan lokaci hashtag ne babbar hanyar gano abu. Yanzu manhajojin nan suna karanta bayanin da ka rubuta, suna lura da abin da ke cikin hoto da bidiyo, suna kuma lura da wanda ya tsaya ya kalla, saboda haka hashtag ya zama shaida ɗaya cikin shaidu da yawa. Shugaban Instagram da kansa, Adam Mosseri, ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu ganin abu sosai, amfaninsa shi ne ya nuna abin da ake magana a kai, ya taimaki mai nema. Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan kafin ka fara.

Zan bi matakan da misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Wata ƙanwata, ɗiyar innata, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida. Tana sayarwa a cikin gari, tana kuma aika wa masu saye a Yamai da Damagaram ta motar bas. Ka cire kayanta ka sa naka, matakan ba su canzawa.

Abin da za ka tanada

Waya mai data kaɗan, wadda za ta isa ka yi bincike na kamar rabin awa. Shafin da za ka ɗora tallan, kuma dole ya kasance a buɗe ga kowa. Wannan sharaɗi ne babba: idan shafinka na Instagram a kulle yake, ko kuma abin da ka ɗora a Facebook ka bar shi ga abokai kawai, to baƙo ba zai taɓa ganinsa ta hanyar hashtag ba, ko ka sa ɗari. Duba cewa a Facebook alamar da ke kusa da sunanka ta duniya ce, wato Public.

Sai littafi da biro. Ba wasa nake yi ba, littafin ya fi komai amfani a wannan aiki, domin a ciki za ka rubuta kalmomin da ka gwada da abin da kowace ta kawo. Idan ba ka son takarda, buɗe manhajar rubutu ta waya, ko ka aika wa kanka saƙo a WhatsApp ka riƙa ajiyewa a can. Sai hoto ko bidiyo na kaya guda ɗaya, mai haske, wanda aka ɗauka da rana. Kaya guda ɗaya na ce. Idan ka haɗa atamfa da turare da takalmi a hoto ɗaya, babu kalmar da za ta bayyana shi.

1. Ka san wanda kake kira

Kafin ka taɓa alamar #, rubuta jimla ɗaya a littafi: me nake sayarwa, ga wa, a ina. Ƙanwata ta rubuta: "Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na gida, ga matan aure da masu shago a Maraɗi, da waɗanda ke Yamai masu son na Maraɗi." Duk hashtag ɗin da bai fito daga cikin wannan jimla ba, ba naka ba ne. Mutumin da ke wata ƙasa mai nisa zai iya ganin hoton ya danna alamar so, amma ba za ka iya kai masa lita biyu ta mai ba.

2. Tara kalmomi kashi uku

Kashi na farko sunan kayan ne, yadda mai saye yake kiransa da bakinsa. Na biyu wuri ne: garinka, da garin da kake iya aikawa. Na uku naka ne na kanka, wato sunan sana'arka, wanda babu mai amfani da shi sai kai. Akwai na huɗu da ke zuwa lokaci-lokaci, na yanayi, kamar azumi ko salla ko lokacin kaka. A wannan mataki rubuta duk abin da ya zo maka, ko goma sha biyar ne, za a tace daga baya.

A nan ne matsalarmu ta ƴan Nijar take, kuma ita ce na fi so ka tsaya a kanta. Kalma ɗaya muna rubuta ta iri biyu ko uku. Wanda ya yi lakwal yana rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, wanda ya saba da rubutun Kano da Katsina yana rubuta ta daban. A wurin manhaja kuwa waɗannan kalmomi ne mabambanta, kowace da ɗakinta:

```
#Kilishi      #Kilichi
#Kulikuli     #Koulikouli
#Tasawa       #Tessaoua
#Damagaram    #Zinder
#Yamai        #Niamey
```

Wanda ya taɓa ta hagu ba zai ga abin da ke ƙarƙashin ta dama ba. Haka nan wani lokaci ba rubutun ne ya bambanta ba, harshen ne: mai ɗinki yana da #Shadda da #Bazin, mai ƙunshi tana da #Lalle da #Henna, babbar salla kuma a bakin masu Faransanci #Tabaski ce. Wanne za ka ɗauka? Ka koma jimlarka ta mataki na ɗaya. Idan ma'aikatan Yamai kake kira, yawancinsu da rubutun Faransanci suke nema. Idan kana fatan ciniki daga Jibiya da Katsina, rubutun Hausa na boko ne zai kai ka. Mu da ke Maraɗi muna tsakiya, kasuwarmu tana kallon ɓangarorin biyu, shi ya sa ga sunan kayan kaɗai nake yarda a sa rubutu biyu. Ga sauran kalmomi, ɗaya ta isa.

Haruffan nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, su ma sai an lura. A cikin bayani ka rubuta Hausarka daidai, Maraɗi da ɗ, ƙuli-ƙuli da ƙ. Ni kaina ina son ganin an rubuta harshenmu yadda ya kamata. Amma a cikin hashtag, yawancin mutane ba su da waɗannan haruffa a allon rubutun wayarsu, sai su nema da d da k na kowa. Saboda haka #Maradi za ka sa, ba mai ƙugiya ba.

3. Gwada kowace kalma kafin ka yarda da ita

Wannan ne matakin da kusan kowa yake tsallakewa, kuma shi ne aikin. Buɗe manhajar da za ka ɗora tallan, je wurin nema, rubuta hashtag ɗin, ka shiga ka duba da idonka. A kowace manhaja daban za ka yi, domin kalmar da ke da rai a TikTok tana iya zama kufai a Facebook.

Abu uku kake dubawa. Na farko, me ke ciki? Ka kalli abubuwa goma ko ashirin na sama. Idan kayanka za su zauna a cikinsu kamar a layinsu na kasuwa, kalmar ta yi. Idan ka shiga ka tarar da rawa da barkwanci da hotunan da ba su dace ba, ka soke ta a littafi, ko da sunan kayanka ne, domin ba ka son a ga tallanka a wannan zama. Na biyu, yaushe aka yi na baya-bayan nan? Idan sabon da ke ciki ya shekara biyu, babu mai leƙawa. Na uku, yawan abin da ke ciki. Instagram da TikTok suna nuna adadin a gefen kalmar. Abin da nake bi shi ne, wadda ke da dubbai zuwa ƴan dubban ɗaruruwa ita ce ta ƙaramin ɗan kasuwa. Wadda ta haura miliyoyi, abin da ka ɗora zai nutse a cikinta kafin ka ajiye wayar. Wadda ba ta kai ɗari ba kuwa, kai kaɗai ne a ciki, sai fa idan sunan sana'arka ce, wadda dama haka ake so.

Wani lokaci za ka nemi kalma a Instagram ka ga an rubuta cewa an ɓoye wasu abubuwan da ke ƙarƙashinta, ko ka ga shafin babu komai alhali kalmar sananniya ce. Wannan alama ce ta cewa an ɓata ta da abubuwan banza har aka taƙaita ta. Kada ka sa ta.

Ga yadda ta kasance da ƙanwata. Ta zo da #Niger a saman jerinta. Da muka shiga, sai labaran siyasa da na tsaro, da kuma abubuwan jihar Neja ta Najeriya, wadda sunanta a rubuce iri ɗaya ne da na ƙasarmu. Babu mai shiga nan don neman abin sa wa a miya. Muka soke. #Maradi kuma muka bar shi, ba don babu hayaniya a ciki ba, sai don mutanen gari da ƴan Maraɗi mazauna waje ne suka fi leƙa shi. #Gyada muka tarar ya fi karkata ga noma da farashin buhu, sai muka maye shi da #ManGyada, wanda ya fi kusa da abin da ke cikin jarkarta.

Idan datarka ba ta isa wannan bincike ba, akwai gajeriyar hanya. Nemo mutum uku masu sana'a irin taka waɗanda kake ganin masu saye suna tambayarsu farashi a ƙasan tallansu, ka duba kalmomin da suke maimaitawa. Amma kada ka kwafe jerin gaba ɗaya. A ciki akwai sunan shagonsu, idan ka sa shi ka tura masu sayenka ƙofar wani.

4. Rubuta shi yadda ba zai karye ba

Hashtag yana ƙarewa a daidai inda ya ci karo da fili ko alamar rubutu. Idan ka rubuta kalma biyu da fili a tsakani, ta farko ce kaɗai ta shiga. Karan ɗori ma yana yanke shi, kuma Hausa cike take da kalmomi masu karan ɗori. Haka nan alamar nan ta sama da ke cikin kalmomi irin su sana'a da jama'a.

```
#kuli-kuli    ya tsaya a #kuli
#man gyada    ya tsaya a #man
#sana'a       ya tsaya a #sana
```

Dubi na biyun da kyau. Ka yi nufin man gyaɗa, ka ƙare a ƙarƙashin kalmar Ingilishi mai nufin namiji. Gyaran shi ne a haɗe kalmomin, a fara kowace da babban baƙi: #ManGyada, #KuliKuli. Manhaja ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, amma idon mutum yana bambantawa, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu takan fi furta shi daidai idan an yi haka. Tsakanin hashtag da hashtag kuma a bar fili, kada a manne su. Lamba zalla, kamar 227 da matasanmu ke son sawa, ba ta zama hashtag a X sai an haɗa ta da harafi.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Bayan ka ɗora, duba launin kalmar. Ɓangaren da ya canza launi ko ya yi kauri shi ne ya shiga, wanda ya rage yadda yake ya faɗi a hanya. Facebook da Instagram suna barin ka gyara bayanin bayan ka ɗora, ba sai ka goge ba.

Na sana'arka kuma ka yi shi gajere, wanda za a iya faɗa a baki a rubuta ba kuskure. Ka neme shi tukuna ka tabbatar babu mai shi. Amfaninsa ba jawo baƙi ba ne. Ranar da mai saye ya ce wa ƙanwata "nuna mini sauran kayanki", sai ta ce ya taɓa wannan kalma, duk abin da ta taɓa ɗorawa ya fito masa wuri ɗaya.

5. Guda nawa

Uku zuwa biyar. Idan ka riƙe wannan kaɗai ka wuce yawancin masu talla. Shekaru da yawa Instagram yana barin mutum ya sa har 30, shi ya sa mutane suka saba da jera su kamar carbi, amma tun 2021 kamfanin ya ba da shawarar a tsaya tsakanin uku da biyar, a ƙarshen 2025 kuma ya sanar da mayar da iyakar biyar. TikTok ma uku zuwa biyar nake sawa. A Facebook ɗaya zuwa uku sun isa, domin mutanenmu ba su cika bin hashtag a can ba, abin da aboki ya tura ko aka sa a zauren unguwa ya fi tafiya. A X ɗaya ko biyu, saboda wurin rubutun ƙarami ne, harafi 280 ga mai shafi na kyauta, kuma hashtag yana cin nasa rabon a ciki. A YouTube ana sa su a bayanin bidiyo, har uku ne suke fitowa kusa da take, wanda ya zarce 60 kuma sai a yi watsi da su duka.

Rabon da nake yi wa biyar ɗin shi ne biyu na kaya, ɗaya ko biyu na wuri, ɗaya na sana'a. Idan lokacin salla ne, ɗaya daga na wuri ya ba na yanayi kujera. Idan kalmomi uku kaɗai suka tsira daga gwajin mataki na uku, sa ukun. Ba dole ba ne a cika biyar.

6. Inda ake ajiye su

A ƙarshen bayani, bayan an bar layi ɗaya babu komai. Dalili kuwa, manhaja tana nuna layi ɗaya ko biyu na farko ne kawai, sauran sai an taɓa. Wannan ɗan fili na sunan kaya ne da farashi da gari. Idan ka cika shi da diyez, mai saye ya wuce bai san me kake sayarwa ba. Ga tallan ƙanwata yadda muka tsara shi, na canza sunan sana'ar:

```
Man gyaɗa tatacce na gida da ƙuli-ƙuli mai yaji.
Lita jaka ɗaya da rabi. Muna Maraɗi, muna aikawa Yamai.

#ManGyada #KuliKuli #Maradi #Niamey #GidanMaiInna
```

Ka lura cewa kalmomin da ke cikin hashtag suna nan kuma a cikin bayanin da Hausa sosai. Da gangan ne. Yawancin masu nema yanzu ba sa sa # ma, kalmar kawai suke rubutawa a wurin nema, kuma manhaja tana duba bayanin. Idan bidiyo ne, ka faɗi sunan kayan da sunan garin da bakinka a farko, ka kuma rubuta su a jikin bidiyon.

Akwai masu ɓoye hashtag a sharhi na farko don bayanin ya yi tsabta. An yi wannan yayi lokacin da ake jera talatin. Instagram ya bayyana cewa idan ana so a samu abu ta wurin nema, a sa kalmomin a cikin bayani, ba a sharhi ba. Guda biyar a layi ɗaya ba sa ɓata komai, ka bar su a inda suke.

Kada kuma ka yayyafa su a tsakiyar jimla, kowace kalma da diyez a goshinta. Karatun yakan yi wuya, musamman ga wanda dama a hankali yake karanta boko, kuma su ne da yawa daga cikin masu sayenmu. A X kaɗai nake yarda a sa guda ɗaya a cikin jimla, idan ya zauna daidai a matsayin kalma.

7. Manyan da za ka guje wa

Iri na farko su ne kalmomin duniya, irin su #love da #instagood da #fashion da #food da #business. #love kaɗai ya haura biliyan a Instagram. Ba haramun ba ne, amma ba su faɗi komai game da kayanka ba, kuma sun cinye kujerar da kalma mai amfani za ta zauna.

Iri na biyu su ne #fyp da #foryou da #pourtoi da #viral da #trending. Matasa sun yi imani da su sosai, har wani ya ce mini idan bai sa #fyp ba bidiyonsa ba ya tashi. Wannan sunan shafin farko na TikTok ne kawai, ba umarni ba ne da manhajar take bi. Abin da ke kai bidiyo can shi ne mutane su tsaya su kalla har ƙarshe, su tura wa wasu. Bidiyon da ya tashi da #fyp a jikinsa, da babu ita ma zai tashi.

Iri na uku ya fi cutarwa: #follow4follow da #like4like da danginsu, wato bi ni in bi ka. Waɗannan suna kawo mutane, shi ya sa suke ruɗi. Amma waɗanda suke kawowa shafukan bogi ne da masu neman a rama musu. Na taɓa karɓar shafin wani tela da aka cika da irin waɗannan mabiya. Adadi ya yi kyau a ido, amma duk abin da muka ɗora sai manhaja ta fara nuna wa mutanen da ba su jin Hausa, ba su sa shadda, su wuce ba su tsaya ba, ita kuma ta ɗauka kayan ba su burge kowa, ta daina turawa. Mun ɗauki watanni kafin mutanen gari suka sake rinjaye a shafin.

Iri na huɗu magana ce ta mutunci kafin ta zama ta ciniki. Idan wani abu ya faru, ambaliya ko hari ko rasuwar wani babba, mutane sukan taru a ƙarƙashin hashtag ɗaya suna jaje da neman labarin ƴan'uwa. Kada ka kai tallanka wurin. Daidai yake da shimfiɗa kaya a zaman makoki, kuma manhajojin suna ɗaukar sa hashtag da bai shafi abin da aka ɗora ba a matsayin damun jama'a, ana iya kai ƙararka a rage maka tafiya. Haka nake kallon hawa kan hashtag na siyasa ko na wasan da ake yayi. Idan lokacin kokawar takobi ne kuma kana sayar da abin da ƴan kallo ke buƙata a garin da ake yi, wannan ya shafe ka. Idan man gyaɗa kake sayarwa daga gida, bai shafe ka ba.

Na yanayi ma suna da lokacinsu. #Tabaski ko #Sallah yana da ma'ana a makonni biyu ko uku kafin salla, lokacin da ake neman ɗinki da mai da kayan miya. Bayan salla ka cire shi daga jerinka.

8. Rubuta sakamako, ka canza ɗaya-ɗaya

Duk abin da ka ɗora, rubuta a littafi: rana, kaya, hashtag ɗin da ka sa. Bayan kwana biyu ko uku ka dawo ka ƙara abu biyu, mutum nawa suka gani, da mutum nawa suka tambayi farashi ko suka kira. Na biyun ne ma'auni. Idan ka mayar da shafinka na sana'a, wanda kyauta ne, za ka samu wurin da ake kira Insights, ko Statistiques idan wayarka da Faransanci take. A Instagram yana nuna garuruwan da mabiyanka suka fi yawa. A TikTok yana nuna ta inda masu kallo suka zo, har da waɗanda suka zo ta nema. Idan ka ga garuruwan da ke sama ba inda kake kai kaya ba ne, kalmominka sun yi faɗi, ka matse su.

Idan za ka gwada sabuwar kalma, canza ɗaya kawai, ka bar sauran, ka yi haka sau huɗu ko biyar kafin ka yanke hukunci. Wanda ya canza hoto da lokacin ɗorawa da hashtag duka a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba. Kada kuma ka manna jeri ɗaya a kan komai. Na gari da na sana'a su zauna, na kaya su bi abin da ke cikin hoton. Ranar da ƙanwata ta ɗora ƙuli-ƙuli kaɗai, #ManGyada ba ya shiga.

Idan babu wannan wurin ƙididdiga, ko ba ka saba da shi ba, tambayi duk wanda ya kira: "A ina kika ga kayan?" Ka ja ɗan layi a littafi a gaban amsar. Bayan wata ɗaya layukan za su nuna maka.

Idan a WhatsApp cinikinka yake

Da yawa daga cikin matan da ke sana'a a gida a garin nan, sitatus na WhatsApp ne kasuwarsu. A can hashtag ba ya aiki ko kaɗan. Ba ya zama abin taɓawa, kuma sitatus ɗinki waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kaɗai suke ganinsa, babu wata kalma da za ta kawo baƙo. Wannan fili ki ba farashi da unguwa da lokacin da ake samun ki. Amfani ɗaya na samar wa alamar a can: idan kina karɓar oda ta saƙo, ki riƙa rubuta kalma ɗaya, kamar #oda, a ƙasan kowane saƙon da kika tabbatar. Ranar da za ki haɗa kayan da za su tasha, ki rubuta kalmar a wurin nema na WhatsApp, duk saƙonnin su fito miki a jere, ki bi su ɗaya bayan ɗaya kina ɗaurewa.